Kama da wane ba ta wane: ciwon sugana da na Baba

Ina makarantar sakandare aka gano Babanmu yana da ciwon suga. Mutum ne mai jiki da tumbi, ya haura shekara arba'in da biyar a lokacin, kuma ba don yana jin wani ciwo aka gano ba, gwajin jini ne aka yi masa saboda wata lalura daban. Aka ba shi ƙwaya mai suna metfomin, aka ce ya rage abinci mai sitaci, ya riƙa tafiya a ƙasa, ya rage ƙiba. Ya yi hakan daidai gwargwado, rayuwa ta ci gaba. Idan ya manta da ƙwayarsa kwana ɗaya ba abin da yake samunsa, sai dai faɗan Mama. Saboda haka na girma da yaƙinin cewa na san ciwon suga: ciwon manya ne, ƙwaya ce da haƙuri da abinci, shi ke nan.

Ina wajen shekara talatin, da matata da ƙaramin yaro, ƙishirwa ta sa ni gaba. Irin ƙishirwar da kana sauke kofi daga baki kana neman wani. Dare ya zama na zirga-zirga tsakanin gado da banɗaki. Ina ci sosai amma ina ramewa, ni da dama ba jiki gare ni ba, har wando ya daina zama a ƙuguna. Idona ya fara gani dishi-dishi. Da na je asibiti aka gwada jinina da safe kafin na ci komai, na'ura ta nuna 14 a ma'aunin mmol/L. Daga 7 zuwa sama, idan aka maimaita aka sake samu, ana cewa mutum yana da ciwon suga. Wanda ya duba ni ya tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu, na ce mahaifina. Ya ce to gado ne, ya rubuta min metfomin, ya ce in rage abinci in riƙa motsa jiki.

Ba na ganin laifinsa sosai. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suga a duniya nau'i na biyu gare su, irin na Baba. Baligi ya zo da suga a sama, ga mahaifinsa da shi, abin da ya fi kusa da zato ke nan. Sai dai akwai abubuwan da ba su dace da wannan zaton ba: ni siriri ne, ina ramewa da sauri, kuma alamun sun zo min cikin ƴan makonni, ba a hankali ba.

Baba ya zama malamina. Ya ji tausayina, amma kuma na lura yana jin daɗin samun abokin tafiya. Ya koya min yadda ake huda yatsa a gefe don ya rage zafi, ya nuna min yadda yake auna abincinsa. Da farko lambobina sun ɗan sauka, muka yi murna. Bayan wasu watanni suka fara hawa, suka ƙi saukowa. Aka ƙara min ƙwaya ta biyu, irin wadda take matsa wa jiki ya fitar da ƙarin insulin, sinadarin da yake sauke sugan jini. Ta yi ɗan aiki na wani lokaci, sannan ta zama kamar ban sha ba. Na rage abinci har na koma cin abin da ba zai ƙosar da yaro ba, ina tafiya mai nisa kullum da yamma, suga yana nan tsakanin 15 da 20.

Abin da ya fi ciwon kansa ƙona min rai shi ne zargi. Baba yana cin abin da ya fi nawa yawa, lambarsa tana kyau. Sai aka fara yi min kallon mai ci a ɓoye. Wata rana Baba ya ce min, "Kai, ka faɗa min gaskiya, me kake ci a wurin aiki?" Na ce, "Wallahi Baba, abin da kuka ce in ci shi nake ci." Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba. Matata ce kawai take ganin abin da nake ci, ita ma har ta fara tambayar kanta ko wani ciwo ne daban yake cina. Ni kuwa na fara tsanar na'urar gwajin, domin duk lokacin da na huda yatsa ji nake za ta sake ƙaryata ni a gaban mutane.

Zazzaɓi ne ya fasa ƙwan. Na kwanta da shi, na daina cin abinci, sai amai ya biyo baya, da ciwon ciki mai tsanani. Matata ta ce numfashina ya canza, ina jan shi da zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, kuma bakina yana wani wari mai kama da na ruwan goge jan farce. Ban tuna yadda aka kai ni asibiti ba. Na farka da robar ƙarin ruwa a hannu ɗaya, insulin yana shiga jijiya a hankali, ana ɗibar jinina a kai a kai don duba wani gishirin jiki mai suna fotasiyam, wanda yake faɗuwa idan aka fara ba da insulin, kuma faɗuwarsa tana iya taɓa bugun zuciya.

Sunan abin da ya same ni kitoasidosis. Likitar da ta karɓe ni ta zauna ta yi min bayani bayan na dawo hayyacina. Ta ce idan jiki ya rasa insulin kusan gaba ɗaya, suga yana taruwa a jini amma ba ya iya shiga ƙwayoyin jiki, don haka jiki yana ganin yunwa yake ji, sai ya koma ƙona kitse babu ƙaƙƙautawa. Daga ƙona kitsen nan hanta take samar da wasu sinadarai da ake kira kiton, idan suka yi yawa sai jini ya yi tsami. Numfashin da matata ta ji, ƙoƙarin jiki ne na fitar da tsamin. Sannan ta ce, "Malam, ina zargin ba irin na mahaifinka gare ka ba." Ta sa aka yi min gwaji biyu. Na farko yana neman wasu sojojin garkuwar jiki masu far wa wani sinadari da ake kira GAD, waɗanda ake samu a jinin yawancin masu nau'i na ɗaya. Na biyu, wanda aka bari sai da jikina ya daidaita, shi ne si-feftayid, wani abu da jiki yake fitarwa tare da insulin ɗinsa na kansa, don haka yawansa yana nuna nawa ne jiki yake iya samarwa. Na farko ya nuna akwai su. Na biyu ya nuna saura kaɗan. Wato nau'i na ɗaya gare ni.

Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas, a cikinta akwai ƙwayoyin da suke yin insulin. A jikina garkuwar jiki ce ta juya ta far wa waɗannan ƙwayoyin tana hallaka su. A yara abin yakan tafi da sauri, shi ya sa aka fi sanin nau'i na ɗaya da yara, amma yana kama mutum a kowane shekaru, kuma a manya yakan tafi a hankali. Wannan ne ya sa ƙwayoyin da aka ba ni suka yi kamar suna aiki da farko: akwai sauran masu yin insulin da ba a gama da su ba. Da suka ƙare, ƙwaya ta biyu ta rasa abin da za ta matsa. A jikin Baba kuwa ana yin insulin, a farkon ciwon ma yakan yi yawa, amma tsoka da hanta da kitse ba sa jin maganarsa yadda ya kamata. Fankiriyas ɗinsa tana ta ƙara ƙoƙari don cike giɓin, da shekaru tana gajiya. Ƙiba, musamman ta ciki, da rashin motsi da shekaru da gado, su ne suke tura mutum wajen. Metfomin tana rage sugan da hanta take zubawa cikin jini, tana kuma taimaka wa jiki ya ji insulin ɗin da yake da shi. Wanda ba shi da insulin ɗin, ba ta da abin da za ta yi masa.

Da na ji wannan bayani, abin da na fara ji ba tsoro ba ne, sauƙi ne. Ba ni na jawo wa kaina ba, ba abin da na ci ba ne, kuma babu wani ƙoƙari da da na yi zai hana shi. Tsoron daga baya ya zo, da dare, da na gane cewa allura ce har ƙarshen rayuwa. Baba kuwa abin ya dame shi ta wata fuskar. Ya zo gefen gadona ya ce, "Ashe kana faɗa min gaskiya." Ya kuma ɗauka shi ya gadar min. Likitar ta gaya masa cewa nau'insa ma ya fi nawa bin jini, kuma nasa ba shi ne ya haifi nawa ba. Ƴan'uwana ne ya kamata su riƙa gwaji saboda nasa, musamman masu jiki a cikinsu.

Daga nan rayuwarmu ta rabu biyu, duk da a takarda suna ɗaya ake kiran ciwonmu. Baba yana shan ƙwayarsa da abinci safe da dare, yana gwada jini jefi-jefi, sai gwajin HbA1c na bayan wata uku ko shida, wanda yake nuna matsakaicin suga na watannin da suka wuce. Ni insulin iri biyu nake yi. Akwai mai dogon aiki, sau ɗaya a rana a lokaci guda, wanda yake riƙe ni kusan awa 24 ko na ci ko ban ci ba, domin hanta ba ta daina sakin suga ko mutum yana barci. Akwai kuma mai saurin aiki, wanda nake yi kafin kowane abinci, yana fara aiki cikin kamar minti 15, ya gama cikin awa uku zuwa biyar.

Wannan na biyun shi ne aikin da ba ya ƙarewa, domin kowane cin abinci sai da lissafi. Ma'aikaciyar jinya ta fitar min da lambobi biyu nawa na kaina, bayan ta duba bayanan da na riƙa rubutawa. Yunit ɗaya na insulin yana ɗauke min giram 10 na sitaci ko suga a abinci, kuma yunit ɗaya yana sauke sugan jinina da kamar 2. A ce na zo cin rana, na gwada na ga 10, ni kuma 6 nake so kafin abinci. Abincin da ke gabana na ƙiyasta yana da giram 60. Na abinci yunit 6 ke nan. Tsakanin 10 da 6 akwai 4, idan na raba biyu na samu yunit 2 na gyara. Jimla 8. Amma idan na san bayan abincin zan yi doguwar tafiya a ƙasa, sai na rage, domin tsoka mai aiki tana jan suga da kanta. Idan kuma awa biyu da suka wuce na yi allurar gyara, ba na ƙara wata, domin ta farkon ba ta gama aiki ba, kuma tara allura a kan allura shi ne hanya mafi sauri zuwa faɗuwar suga. Waɗannan lambobi nawa ne, na wani za su iya ninka su ko su zama rabinsu, nawa ɗin ma na safe sun bambanta da na dare. Wanda na'urarsa take nuna mg/dL, ya ninka lambobin sugan jinina sau 18 zai ga kwatankwacinsu.

Baba yakan zauna yana kallona ina wannan lissafi ya girgiza kai. Shi idan ya ga lambarsa ta hau, abin da zai yi shi ne ya rage abincin dare ya ƙara tafiya, cikin ƴan kwanaki ta sauko. Ni idan na rage abinci ban taɓa insulin ba, ƙasa zan yi.

Faɗuwar suga abu ne da Baba bai san shi ba duk shekarun da ya yi a kan metfomin, domin ita kaɗai ba ta cika jawo shi ba. Ni kuwa ya zama maƙwabcina. Ƙasa da 3.9 jiki yakan fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa, ga yunwa, ga saurin fushi ba dalili. Matata takan gane kafin ni, daga yadda nake amsa magana. Abin yi shi ne giram 15 na suga mai saurin shiga jini, kamar ƙwayoyin gulukos ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15, a sake gwadawa. Jiran nan yana da wuya, domin jiki yana ihu ne a cinye duk abin da aka gani, idan kuma ka biye masa sai suga ya yi tsalle sama. Mutane sukan yi mamaki su ga mai ciwon suga da alewa a aljihu. Wani abokin aikina ya taɓa ƙwace ta daga hannuna da kyakkyawar niyya, yana cewa kawunsa ma an hana shi zaƙi. Sai da na zaunar da su na gaya musu cewa idan suka ga na rikice ina gumi, zaƙi za su ba ni, idan kuma na suma kada a ɗura min komai a baki, a kwantar da ni a gefe a nemi taimakon gaggawa.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne ranar rashin lafiya. An taɓa yin wani lokaci da amai da gudawa suka kama ni da Baba a mako ɗaya. Shi likita ya ce ya dakatar da metfomin har sai ya koma ci da sha, domin idan jiki ya bushe ƙoda ba ta fitar da ita yadda ya kamata, tana iya taruwa ta yi illa. Mama da ta ji haka sai ta ce min, "Kai ma ka ajiye allurar nan, tunda ba ka cin komai." A hankalce maganarta daidai take, amma da na bi ta da na koma gadon da na baro. Rashin lafiya tana sa jiki ya fitar da sinadaran da suke ɗaga suga, don haka buƙatar insulin takan ƙaru ne ko ba a ci ba. Mai dogon aikin ba a tsayar da shi. Na ci gaba da yi, ina gwada suga duk bayan awa biyu zuwa huɗu, ina kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ina kuma gwada kiton. A jini, ƙasa da 0.6 lafiya ne, idan ya haura 1.5 sai a nemi likita ba tare da jinkiri ba, idan ya kai 3 ko amai ya hana ruwa zama a ciki, asibiti kai tsaye. Nawa ya ɗan ɗaga, na yi ƙarin insulin bisa tsarin da aka rubuta min tun da farko, ya sauko.

Masu ba da shawara ba sa ƙarewa. Kusan kowa ya san wani da ya rage ƙiba ya daina shan magani, kuma ba ƙarya suke yi ba. A nau'i na biyu hakan yana faruwa, musamman a shekarun farko. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2017, ya nuna kusan rabin waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage nauyi mai tsauri sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, kuma waɗanda suka fi rage nauyi su suka fi samun hakan. Ko su ɗin ma lafawa ciwon yake yi, yana iya dawowa idan ƙibar ta dawo. Amma ni ba kitse ne ya toshe min hanya ba. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, a fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson a farkon 1922, abin da ake yi wa masu irin ciwona shi ne a hana su abinci, kuma hakan ɗan jinkirta mutuwa kawai yake yi. Duk wanda ya ce min in gwada ajiye allura na wata ɗaya in ga ikon Allah, nakan yi masa godiya in wuce. Ba na yin gardama kuma, na gaji da ita.

Akwai abubuwan da muka yi tarayya a kansu ni da Baba, domin suga mai yawa iri ɗaya yake lalata jijiyoyin jini, ko ta wace hanya ya hau. Dukanmu ana duba mana bayan ido, da fitsari don lafiyar ƙoda, da tafin ƙafa, da hawan jini. Sai dai shi tun ranar da aka gano nasa aka tura shi gwajin ido, domin nau'i na biyu yana iya yin shekaru a jiki shiru kafin a gane. Masu nau'i na ɗaya galibi bayan kamar shekara biyar ake fara musu, amma ni an yi min da wuri saboda tsawon lokacin da na yi suga yana sama.

Kwanan baya HbA1c ɗin Baba ya ƙi saukowa duk da ƙwaya biyu da yake sha, likita ya ƙara masa insulin mai dogon aiki sau ɗaya da dare. Ya kira ni murya a sanyaye ya ce, "Nawa ma ya koma irin naka." Na ce, "A'a Baba, naku yana nan yadda yake. Fankiriyas ɗinku ce ta gaji, ana tallafa mata. Har yanzu kuna yin naku insulin ɗin, shi ya sa ba a ce ku bar metfomin ba, ba a kuma ce ku yi allura a kowane abinci ba." Na je na nuna masa yadda zai riƙa canza wurin allura, yau wannan gefen ciki gobe wancan, domin idan aka nace wa wuri ɗaya kitse yana taruwa ya yi ƙullutu, insulin ya daina shiga jini daidai. Na gaya masa wanda bai buɗe ba ya zauna a firji amma kada ya daskare, wanda ya buɗe kuma ya rubuta masa kwanan wata, domin irin nasa bayan kwana 28 ake yar da shi. Mama na zaunar na koya mata alamun faɗuwar suga, tunda yanzu shi ma zai iya samunsa, musamman daren da ya yi allura bai ci abincin kirki ba.